Ina neman wasan da ake yi da lissafi, ba da saurin yatsa ba

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ni mutum ne mai son zama ya tsara abu: nan rumbu, nan murhu, can gona, gobe a yi kaza. Wasannin harbe-harbe ba sa yi mini, kafin in juya an kashe ni, kuma ko na ci ba na jin na yi wani abu. Na daɗe a Minecraft ina gine-gine, amma ya kai inda babu abin da ke matsa mini, in na ga dama in gina, in ban ga dama ba babu abin da zai faru. Ina son wanda za a ce idan ban yi shiri ba zan sha wuya, amma shirin ne zai cece ni. Laftof ɗina tsohuwa ce, ba ta ɗaukar manyan wasanni.

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Baba ai Free Fire ma akwai tsari, sai ka san inda za ka sauka da inda za ka ɓuya. Ka shigo tawagarmu da daddare mu koya maka.

Baban Ilham: Na gode ƙanina, amma abin da nake gudu kenan.

Ɗan Kurmi: To shi kenan, Allah ya ba da haƙuri.

Mai Gawayi: Malam Baban Ilham, abin da ka siffanta Don't Starve ne, na kamfanin Klei da ke Vancouver a Kanada. Na mutum ɗaya ya fito a 2013, sai Don't Starve Together da aka kammala a 2016, wanda za ka iya yi kai kaɗai ko da abokai. Zanensa kamar na littafin yara ne, ba ya wahalar da tsohuwar na'ura.

Dalilin da ya sa na ce shi ne: wasan yana gaya maka ranar da bala'i zai zo tun kafin ya zo. A Together, idan ba ka taɓa saitin komai ba, kana farawa da kaka mai kwana 20. Kwana na 21 hunturu ya shigo, ya yi kwana 15. Kowane kwana minti 8 ne a agogonka, wato kana da awa biyu da minti 40 na shiri. Da sanyi ya kama, ciyawa ta daina tsiro, ƙirare sun daina, bishiyoyin Berries sun daina 'ya'ya, dare ya yi tsawo. Duk wanda ya mutu a hunturun farko, in ka bincika, tun a kwana na 10 ya kashe kansa, bai dai sani ba.

Baban Ilham: Wannan ya fara kama da abin da nake so. Amma shirin me ake yi takamaimai? Tara abinci kawai?

Mai Gawayi: Bari mu yi lissafin tare, shi ne daɗin wasan. Wilson, wanda yawanci ake farawa da shi, cikinsa yana ɗaukar 150, kuma kullum yana ƙona 75. Hunturu kwana 15 ne, saboda haka kana bukatar 1125 kafin ka ga bayansa. Karas ɗaya 12.5 yake bayarwa. Naman zomo ɗaya ma 12.5. Idan da zomaye za ka rayu, shida kake bukata kullum, 90 a hunturu guda, kana yawo tsakanin tarkuna cikin sanyi. Mutane suna yin haka, amma wahala ce kawai.

Mai lissafi Crock Pot yake ginawa. Tukunya ce mai gurbi huɗu, ka zuba abu huɗu ta ba ka girki ɗaya. Girkin da ke riƙe sabon ɗan wasa shi ne Meatballs: nama ɗaya da ciko uku, ya ba ka 62.5. Raba 1125 da 62.5, ka samu 18 daidai. To ga hunturunka nan gaba ɗaya: nama 18 da ciko 54.

Inda abin ya yi armashi shi ne irin naman da irin cikon. Naman gizo-gizo, wanda wasan ke kira Monster Meat, in ka ci shi ɗanye yana cire maka lafiya 20 ya taɓa hankalinka. Amma guda ɗaya a tukunya ba ya komai, Meatballs lafiyayye zai fito. Ciko kuma, ƙanƙara tana yi. Ita kaɗai kusan ba ta ƙosar da komai, ga ta birjik a hunturu, diga kawai za ka sa ka fasa tsibinta. Guba ɗaya da ƙanƙara uku sun zama abincin kusan yini guda.

Ɗan Maradi: Gaskiya ne wannan, a waya nake yin Pocket Edition kuma tukunya ce ke riƙe ni. Ƙarin bayani: in ba ka da ciko ka zuba ƙirare, su ma ciko ne. Kuma naman gizo ko biyu ka sa babu laifi, tukunya tana kashe gubar.

Mai Gawayi: Ɗan'uwa rabin maganarka daidai ne. Ƙirare suna shiga wasu girke-girken, amma Meatballs ba ya karɓarsu. Ka sa tsinke ɗaya da nama, Kabobs za ka samu, 37.5 kawai, ka yi asarar 25. Ka cika tsinken ya yi yawa, Wet Goop zai fito, wanda ba ya ƙara komai. Naman gizo biyu kuwa Monster Lasagna yake bayarwa, ya cire lafiya 20 da hankali 20. Ɗaya ne iyaka.

Ɗan Maradi: To wallahi ni na sha sa biyu ban mutu ba.

Mai Gawayi: Ba ka mutu ba, amma duba zuciyar nan da ke saman allo bayan ka ci.

Ummu Hanif: Sannunku. Ina karantawa tun ɗazu, kuma Yaya Mai Gawayi, lissafinka babu gyara, amma ina ganin kana sayar wa bawan Allah wasan da ba shi ya tambaya ba. Ya ce ba ya son gaggawa. Don't Starve agogonsa ba ya jiran kowa. Kana cikin tunanin inda za ka ajiye akwati magariba ta yi, duhu ya rufe ka, Charlie, dodanniyar da ke cikin duhun, ta sare ka, lafiya 100 cikin 150 ta tafi. Karnuka suna zuwa ko ka shirya ko ba ka shirya ba. A na mutum ɗaya kuma, in ka mutu ba ka taɓa Touch Stone ba, dutsen da ke tayar da kai bayan mutuwa, duniyar ta tafi gaba ɗaya, da gidan da ka yi sati kana ginawa. Wannan ba wasan mai haƙuri ba ne, wasan mai jure takaici ne.

In Klei ɗin ake so, Oxygen Not Included ya fi dacewa da shi. An kammala shi a 2019. Mutane uku ne suka tsinci kansu a cikin wani dutsen sararin samaniya, kai ne mai tsara musu iska da ruwa da abinci da banɗaki. Ka danna Space komai ya tsaya cak, ka zana bututunka a tsanake, ka sha shayi, ka dawo. Babu mai kawo maka hari.

Baban Ilham: Hajiya wannan maɓallin tsayarwar ya ja hankalina. To in babu mai kawo hari, me ke kashe mutum?

Ummu Hanif: Kai da kanka, a hankali. Kowane mutum a ciki yana shaƙar giram 100 na iskar oksijin a daƙiƙa, yana cin kalori 1000 a yini. Na'urar farko mai ba da iska, Oxygen Diffuser, tana cin gansakuka giram 550 a daƙiƙa ta fitar da iska giram 500, wato ta ishi mutum biyar. Duk bayan kwana uku wasan yana miƙo maka sabon mutum kyauta. Sabon shiga yana karɓa duk lokacin da aka miƙo, yana murna ma'aikata sun ƙaru. Sai ya wayi gari da mutum 12, gansakukar da ke kusa ta ƙare, kowa yana haki.

Wanda ya tsallake wannan kuma zafi ne ke kama shi. Shukar farko, Mealwood, tana bukatar zafi tsakanin digiri 10 da 30, kuma mutum ɗaya yana bukatar tushe biyar. Janareto da batir da injina duk suna fitar da zafi, kuma zafin ba shi da inda zai je, a cikin dutse kuke. In ka gina ɗakin injina jikin gona, ba za ka ga komai ba na tsawon lokaci, digiri yana hawa ɗaya-ɗaya, ranar da ya haura 30 shukar ta tsaya gaba ɗaya. Wanda yake buɗe taswirar zafi lokaci-lokaci zai hango shi tun da nisa, ya sa Insulated Tile ya raba ɗakunan. Kuskure a nan yana ɗaukar awanni kafin ya nuna, gyaransa ma haka.

Mai Gawayi: Ban musa ba Hajiya, wasa ne mai kyau. Abu biyu dai. Na farko, ya ce laftof tsohuwa. Oxygen yana lissafa iska da zafi a kowane ɗan gurbi na taswira, da farko yana tafiya sumul, in gari ya girma sai na'ura ta fara ja da ƙafa, daidai lokacin da ka fi ƙaunar abin da ka gina. Na biyu, a can kai manaja ne, kana ba da umarni daga sama. Mutumin da ya fito daga Minecraft ya saba shi ne ke riƙe da gatari.

Maganar agogo kuma an rage ta. Na mutum ɗaya yana tsayawa in ka buɗe taswira, Together ma yanzu ana tsayar da shi in kai kaɗai ne a duniyarka. Kuma kafin a ƙirƙiri duniya akwai shafin saiti: ka tsawaita kaka, ka rage karnuka ko ka cire su, ka cire manyan dodanni.

Ɗan Kurmi: Cire karnuka ai maguɗi ne. In za ka yi wasa ka yi shi yadda aka yi shi.

Ummu Hanif: Su waɗanda suka yi wasan ne suka sa maɓallin, ƙanina. Wa aka cuta?

Ɗan Kurmi: Ni dai ba zan ce na ci wasa ba alhali na kashe rabinsa.

Mai Gawayi: A nan ina tsakiya. Ba maguɗi ba ne, amma ba na ba da shawarar cirewa gaba ɗaya, don karnukan su ma matsalar tsari ce, ba ta faɗa ba. Ba sa zuwa ba sanarwa, za ka ji gurnani daga nesa yana ƙaruwa, ɗan wasanka ma zai yi magana. In ka kafa gida tafiyar ɗan lokaci kaɗan daga garken Beefalo, waɗannan masu kama da ɓauna, da ka ji gurnani sai ka nufi garken ka yi ta zagaya shi. Kare zai ciji ɗaya, garken ya taru ya gama da su, kai kuma ka tsinci nama da haƙora. Haƙoran ka yi Tooth Trap da su, gungume ɗaya, igiya ɗaya, haƙori ɗaya. Kafin shekara ta zagayo kana da filin tarko, karnuka sun zama masu kawo maka cefane. Ka cire su, ka cire wannan duka.

Sharaɗi ɗaya: kada ka manna gida da garken. In lokacin barbararsu ya yi, bayansu yana yin ja, suna tunkuyin duk wanda ya matso.

Baban Ilham: To Malam Mai Gawayi, a ce na shiga yau. Kwana 20 ɗin nan yaya zan raba su? Kuma nama 18 ɗin, a ina zan same shi in ba na son faɗa?

Mai Gawayi: Kwanakin farko, kamar shida ko bakwai, kada ka gina komai na dindindin. Bi gefen teku kana zagayawa don taswira ta buɗe, kana tsintar ciyawa, ƙirare, Flint, wato ƙanƙarar dutsen yin kayan aiki, da duk abin ci. Dare in ya yi, tocila ta ishe ka, ciyawa biyu da tsinke biyu, ka ci gaba da tafiya. Abin da kake nema wuri ne da ya haɗa abu uku kusa da juna: garken Beefalo, gidan gizo-gizo, da daji mai itace. Sababbi suna kafa gida a inda suka faɗo ranar farko, sai su ƙare wasan suna tafiyar rabin yini don ɗebo kowane abu.

In ka ci karo da filin duwatsu, kada ka ɗebi kaɗan ka ce za ka dawo. Ga abin da ake bukata a Together. Science Machine, injin farko da ke buɗe maka sababbin ƙere-ƙere, dutse 4 da zinare 1. Alchemy Engine, injin da ke gaba da shi, in ka haɗa da ƙananan kayan da ke shiga cikinsa, dutse 12 da zinare 4, ban da gungume 16 na katako. Murhun dindindin, Fire Pit, dutse 12. Tukunya dutse 9. Thermal Stone, wato dutsen ɗumi, dutse 10. Ice Box, wato firiji, dutse 3 da zinare 2. Jimla dutse 50, zinare 7. Ni nakan ɗebi 60 saboda tukunya ta biyu. Gurbi ɗaya na jaka yana ɗaukar dutse 40, ka ga gurbi biyu sun gama maka zancen duwatsu har bayan hunturu.

Tukunya tana kuma son gawayi 6, ragayar shanya nama tana son 2 kowace. Gawayi daga ƙona bishiya ake samu, kuma nan ne mutane ke ƙone dajinsu kaf. Nemi bishiyoyi kamar goma da suka ware daga sauran, ko ka sare na tsakani ka yanke hanyar wuta, sannan ka kunna.

Ɗan Maradi: Ni na ƙone daji guda har da akwatina biyu. Wutar ta bi ciyawar da na dasa ta shigo gida.

Mai Gawayi: Allah ya mayar da alheri. Shi ya sa ake barin fili tsakanin dashe da murhu.

Zancen nama. Tarkon zomo, ciyawa 6 da tsinke 2, yana kama gizo-gizo. Jera tarko biyar ko shida a bakin farar shimfiɗar da ke kewaye da gidansu. Taka shimfiɗar, za su fito su biyo ka, ka ratsa ta bayan tarkunan, su faɗa ɗaya bayan ɗaya. Ba sara, ba duka. Kowane gizo rabin lokaci nama yake bayarwa, kashi ɗaya cikin huɗu siliki, sauran kuma wani ƙullutu da ake magani da shi. Nama 18 kenan gizo wajen 36, a hanya kuma ka tara siliki wajen 9. Hular sanyi tana cin siliki 4 da gashin Beefalo 4. Gashin kuma da aska ake samu, ka lallaɓa da daddare suna barci ka aske, kowane ɗaya ya ba ka 3. Kada ka rushe gidan gizon, gonarka ce, cikin hunturu ma suna ci gaba da fitowa.

Baban Ilham: Wato in dafa 18 ɗin in jera kafin kwana na 21.

Mai Gawayi: A'a, nan ne tarkon yake. Meatballs kwana 10 yake yi ya ruɓe, kuma tun kafin ya ruɓe amfaninsa yake raguwa, za ka ga launin gurbinsa ya tashi daga kore zuwa rawaya zuwa ja. Ɗanyen naman gizo ma kwana 6 ne. Abin da ake ajiyewa kayan haɗi ne, ba girki ba. Shanya naman a Drying Rack, kwana ɗaya ya zama kilishi mai kai kwana 20, kuma tukunya tana karɓarsa a matsayin nama. Ƙanƙara kuma in tana cikin Ice Box ba ta narkewa sam. Kullum ka dafa ɗaya ko biyu. Manomi ma ai hatsi yake zubawa a rumbu, ba tuwo ba.

Ice Box ɗin ne mai ɗan wuya, don yana bukatar Gears ɗaya, wato giyar inji, kuma yawanci daga jikin wasu dodannin ƙarfe masu siffar 'ya'yan dara ake samu. Wanda ba ya son faɗa ya duba hamada, ƙunshin ciyawar nan da iska ke gangarawa da shi wani lokaci yana ɗauke da shi, haka ma tonon kaburbura, sai dai tonon yana rage hankali. In bai samu ba, ba a fasa hunturu: sanyin kansa yana rage saurin ruɓewa, ƙanƙara kuma ka riƙa fasowa daidai bukata.

Ummu Hanif: Tunda an nace sai Don't Starve, to aƙalla kada ya ɗauki Wilson. Ya ɗauki Wendy. Bugunta ba shi da ƙarfi, amma tana da 'yar'uwarta Abigail, fatalwa, wadda ke dukan duk abin da ke kewaye da ita lokaci guda. Ka kai ta gidan gizo ka koma gefe ka tsaya, ka dawo ka kwashe. Gizo 36 ɗin Yaya Mai Gawayi aikin yamma biyu ne. Hankalin Wendy ma bai cika zubewa da duhu kamar na sauran ba.

Mai Gawayi: Wannan shawara ta fi tawa. Na karɓa.

Na Zongo: Salam. Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni matsalata daban ce, ba yunwa ke kashe ni ba. Na kai kwana na 30 lafiya, abinci cike, sai na ji wani irin nishi, allo yana girgiza, wani ƙato mai ido ɗaya ya shigo ya tattake tukwanena da akwatuna da injin duka. Tun ranar ban sake buɗe wasan ba. Wannan wane lissafi ne zai hana shi?

Mai Gawayi: Deerclops kenan, kuma shi ma da alƙawari yake zuwa, a Together wajen daren kwana na 30. Gine-gine yake nema, kuma kusa da inda kake yake ɓullowa. Kuskuren shi ne mutum ya ji nishin ya ruga gida don a nan yake jin aminci, sai ya kai shi har ƙofa. Tun kwana na 29 ka ɗauki dutsen ɗumi, itace, abincin kwana biyu, ka tafi can nesa ka kunna wutar wucin gadi ka jira. Ya fito a can, ka ja shi ka ƙara nisa, ka bar shi. A Together lafiyarsa 4000 ce, mashi kuma 34 yake cirewa, ka ga sara sama da 100. Babu dole a hunturun farko.

Na Zongo: Wato da na bar gidan da yana nan.

Mai Gawayi: Da yana nan. In ma ya rushe, rabin kayan suna zubewa a ƙasa, ana iya tsincewa a sake ginawa.

Ummu Hanif: Kun ji ko? Mutum ya yi awa huɗu yana gini, abu ɗaya da ba a gaya masa ba ya share shi. A Oxygen duk lambar da za ta kashe ka tana rubuce a allo, kai ne ba ka duba ba. A Don't Starve sai ka mutu sannan ka sani, ko ka samu irin Yaya Mai Gawayi ya gaya maka. Har yanzu ina kan bakata.

Mai Gawayi: Wannan gaskiya ce, wasan ba ya koyarwa. Ni a wurina mutuwar farko da ta biyu kuɗin makaranta ne, amma na san ba kowa ke son biya ba.

Ɗan Maradi: Ba wanda ya yi maganar gona. Ni na ce a manta da ita, shuka ba ta girma a hunturu, na gwada.

Mai Gawayi: A naka na waya haka ne, gona tana tsayawa da sanyi. A Together an sake tsarin noma gaba ɗaya a ƙarshen 2020, yanzu kowace shuka da lokutan da take so, dankali da karas suna yi a hunturu. Sai dai gajeren yini yana rage musu sauri, don ba sa girma cikin duhu. Ga Baban Ilham ma, ina jin noman nan ne zai riƙe shi bayan ya wuce shekarar farko: akwai taki iri uku, wata shukar tana cin wanda wata ke zubarwa, in ka haɗa su daidai a fili ɗaya ba ka bukatar ƙara taki, kuma su fito ƙatta. Amma wannan zance ne na wata rana.

Abin da za a dasa tun kaka shi ne ƙirare da ciyawa, da shebur ake tono su a kawo gida. Ƙirare suna kamawa da kansu. Ciyawa da Berries sai an sa musu taki bayan dashe, in ba haka ba su zauna a bushe, kashin Beefalo kuma yana yi. Ka shiga hunturu da aƙalla ciyawa 40 da tsinke 40 a akwati, don tarko da tocila da igiya duk daga nan suke.

Baban Ilham: Tambaya ta ƙarshe, saboda halin wutarmu. Batirin laftof ɗin ya mutu, in an ɗauke wuta tana mutuwa nan take. Zan rasa duniyar?

Mai Gawayi: Yana adanawa da kansa duk wayewar gari, saboda haka mafi yawa ka rasa abin da bai kai minti 8 ba. Ɗaukewar wuta ba mutuwa ba ce a wurinsa. Together kuma yana da Rollback da ke mayar da kai kwanakin baya, har in ka mutu.

Ɗan Kurmi: Wani maguɗin kuma.

Ummu Hanif: Oxygen ma yana adanawa duk yini, kuma yana ajiye tsofaffin. Baban Ilham, nawa ne ram ɗin laftof ɗin? In ya kai 8 ka gwada nawa tukuna.

Baban Ilham: 4 ne Hajiya. Zan fara da Wendy a daren Juma'a, karnuka a kunne, Deerclops kuma ban yanke shawara ba tukuna. Malam Mai Gawayi, hular sanyi da dutsen ɗumi sun isa, ko sai na nemi riga?

Mai Gawayi: Sun isa in ba ka yin nisa da wuta. Gasa dutsen a bakin murhu har ya yi ja kafin ka fita, in ka ga ya koma fari-fari ko gefen allo ya fara yin ƙanƙara, kunna ko bishiya ɗaya ce da ta ware ka tsaya jikinta. In ka samu ƙahon Beefalo, hularsa tana riƙe ɗumi ninki biyu na hular sanyi, gashi 8 da ƙaho 1.

Na Zongo: In za ku buɗe duniya ta Together ku sa ni. Amma ni zan tsaya gadin tukwane, wani ya je ya tari mai ido ɗayan.